Takardar Kiran Babban Taron Shekara a Ƙungiyar Addini: Wa'adi, Ajanda da Cikar Adadi

Takardar kiran babban taron shekara rubutacciyar sanarwa ce da sakataren ƙungiya yake aika wa kowane mamba bisa umarnin kwamitin gudanarwa. Tana gaya masa ranar zama da lokaci da wuri, da batutuwan da za a yanke hukunci a kansu, da yawan mambobin da dole su hallara kafin zaman ya halatta. A ƙungiyar addini, ko ta masallaci da Islamiyya ce ko ta ikilisiya, babban taro shi ne majalisar ƙoli a kan dukiya da muƙamai. A nan ma'aji yake bayanin kuɗin da jama'a suka bayar don Allah, a nan ake zaɓen shugabanni, a nan kuma ake gyara tsarin mulki. Duk wannan iko yana rataye ne a kan takardar kira. Idan ta samu tangarɗa, hukuncin da aka yanke yana iya rushewa ko da zauren ya cika maƙil.

Wannan zama daban yake da taron wa'azi na ƙasa ko Maulidi ko taron farfaɗowa na coci, waɗanda ƙofarsu a buɗe take ga kowa. Babban taron shekara na mambobi ne masu rajista, kuma abin da ake ƙirgawa a cikinsa shi ne sa hannu da ƙuri'a. Ba a jefa ƙuri'a a kan aƙida ko yadda ake ibada. Wannan fagen malamai ne da limamai da fastoci. Abin da taron ya mallaka shi ne fili da gini da asusun banki da albashin malamai da wa'adin masu riƙe da muƙami.

Inda ƙa'idar ta samo asali

A Najeriya yawancin ƙungiyoyin addini masu rajista suna ƙarƙashin Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, a matsayin ƙungiyoyi masu amintattu. Dokar da ke kula da su ita ce dokar kamfanoni da aka fi sani da CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na 2020, ta maye gurbin ta 1990. Dokar ta wajabta wa kowace ƙungiya ta rubuta tsarin mulkinta, kuma ta bayyana a cikinsa yadda take gudanar da taruka, da yadda ake naɗa amintattu da sauya su, da yadda ake kashe kuɗi da bincikarsu. Yawan kwanakin sanarwa da yawan mutanen da za su halatta zama kuwa, ƙungiya ce take zaɓa wa kanta. Saboda haka littafin farko da sakatare zai buɗe kafin ya rubuta ko kalma ɗaya shi ne tsarin mulkin ƙungiyarsa, wanda aka ajiye kwafinsa a wurin hukuma, tare da duk gyaran da hukumar ta amince da shi.

Ga kamfanoni dokar ta yi filla-filla. Ta ce sanarwar babban taro kwana 21 ce, kuma kada tazarar da ke tsakanin taron shekara da mai bi masa ta wuce wata 15. Wasu cibiyoyin addini da aka yi wa rajista a matsayin kamfanin da ba na neman riba ba suna ƙarƙashin waɗannan ƙa'idoji kai tsaye. Ƙungiyoyi masu amintattu da yawa kuma sun kwafo su cikin tsarin mulkinsu, shi ya sa kwana 21 ya zama ruwan dare, ko da yake ana samun masu kwana 14 da masu kwana 30. Ƙungiyar da ba ta da rajista ma tana ɗaure da abin da mambobinta suka rubuta suka amince da shi a tsakaninsu.

Lissafin wa'adi

Misali ɗaya zai wadatar daga nan har ƙarshe. A ƙaddara wata ƙungiya ce mai kula da masallaci da makarantar Islamiyya a wata unguwa. Rajistarta tana ɗauke da sunaye 184, amma tsarin mulkinta ya ce wanda bai biya kuɗin wata na wata shida a jere ba ya rasa damar ƙuri'a har sai ya biya. Da sakataren kuɗi ya tace, sai aka samu masu damar ƙuri'a 150. Tsarin ya tanadi sanarwar kwana 21, kuma ya ce kashi ɗaya cikin uku na masu damar ƙuri'a ne ke halatta zama. Kwamiti ya tsayar da ranar Lahadi 24 ga wata.

Hanyar da ta fi tsira daga gardama ita ce a cire ranar da aka aika takarda, a cire ranar taro, a ƙirga cikakkun kwanakin da ke tsakani. Daga 3 ga wata zuwa 23 ga wata kwana 21 ne cif. Ke nan takardar dole ta fita ranar Asabar 2 ga wata ko kafin nan. Idan ƙungiyar ta saba raba takardu bayan sallar Juma'a, Juma'ar 1 ga wata ce damarta ta ƙarshe. Sakataren da ya yi jinkiri zuwa Juma'ar 8 ga wata ya bai wa mambobi kwana 15 kacal, kuma duk mamban da bai gamsu da sakamakon taron ba ya samu hujja a hannu. Maganin irin wannan kuskure shi ne a matsar da ranar taro gaba a sake fitar da takarda. Sauya kwanan watan da ke saman takarda don ya dace da lissafi ha'inci ne, kuma saƙon waya ɗaya mai ɗauke da ranar da ya shigo ya isa ya tona shi.

Kwanan wata ma yana da nasa tarkon. Ƙungiyoyin Musulmi suna son rubuta watan Hijira, kuma hakan daidai ne, sai dai kamawar wata tana bin ganin jinjiri, don haka ranar da aka zata 10 ga wata tana iya zama 9 ko 11. Ya kamata a rubuta sunan rana da kwanan watan Miladiyya, sannan a biyo da na Hijira. Lokaci kuma a rubuta shi da agogo. "Bayan La'asar" ba ya nuna minti da za a fara ƙirga jiran cikar adadi, kuma jiran nan yana da hukunci, kamar yadda za a gani a gaba.

Wa za a aika wa, kuma ta yaya

Kowane mai suna a rajista yana da haƙƙin a sanar da shi, har wanda ake bi bashin kuɗin wata, domin ya samu damar biya kafin ranar. Dokar kamfanoni ta ce rashin sanar da wanda ya cancanta yana ɓata taro, sai dai idan mantuwa ce ta gaskiya ba da gangan ba. Takardar da ta ɓace a hanya mantuwa ce. Tsallake mutum biyar da aka san suna sukar shugaba kuwa, babu alƙalin da zai kira shi mantuwa.

Sanarwar baki da liman ko ladan ko mai sanarwa a coci yake yi tana da amfani, amma ba ta tsaya a madadin takarda sai idan tsarin mulki ya faɗi haka. Ba ta barin shaida, kuma ba ta kai wa ga matafiyi da majinyaci. A masallatai da yawa ba ta kai wa ga mata, alhali sunayensu suna cikin rajista kuma da su aka yi lissafin kashi ɗaya cikin uku. Ƙungiyar da take karɓar kuɗin wata daga mata amma take sanar da taro a inda maza kaɗai ke zama tana tauye musu haƙƙi, tana kuma wahalar da kanta wajen cika adadi. Zauren WhatsApp ma haka yake: dattijai da yawa ba sa ciki. Sakatare mai kula yana haɗa hanyoyi. Yana liƙa takarda a allon sanarwa, yana tura saƙon waya, yana raba kwafi hannu da hannu tare da littafin da mai karɓa zai sa hannu, sannan ya bai wa shugabar ɓangaren mata nata kason ta raba. Takardar a rubuta ta da harshen da mambobi ke karantawa, da Hausar boko ko da ajami inda ake buƙata, ko da an ajiye kwafin Turanci don hukuma.

Ajanda

Ajanda ita ce jerin ayyukan zama bisa tsarin da za a bi su. Ana buɗewa da addu'a, a tabbatar da cikar adadi, a karanta uzurin waɗanda suka aiko, sannan a karanta rubutaccen bayanin taron bara a gyara shi a amince da shi. Daga nan sai abubuwan da suka taso daga bayanin, da rahoton shugaba ko sakatare, da rahoton ma'aji tare da na mai binciken kuɗi, da naɗa mai bincike na shekara mai zuwa, da zaɓe idan wa'adi ya cika. Waɗannan ayyuka ne na kowace shekara, ambaton sunansu kawai ya isa.

Wurin da ake buƙatar tsayawa shi ne batutuwa na musamman: gyaran tsarin mulki, sauya amintattu, sayar da fili ko jinginar da shi, cin bashi, ƙarin kuɗin wata, korar mamba. A irin waɗannan, takardar kira dole ta faɗi ainihin abin da ake nema, yadda mamba zai karanta a gidansa ya san ko abin ya kai ya rufe shagonsa ya zo. A ƙungiyar misalinmu, kwamiti yana son sayar da wani fili na makaranta don gina ajujuwa huɗu, yana kuma son maye gurbin amintacce ɗaya da ya rasu. Rubuta "batun fili" a ajanda bai wadatar ba. Abin da ya dace shi ne a rubuta ƙudurin kansa, kamar haka: "Taro zai duba ƙudurin bai wa amintattu izinin sayar da filin ƙungiya da ke bayan makaranta, a kan farashin da bai gaza wanda masu kimantawa biyu suka bayar ba, kuma a kashe kuɗin wajen gina ajujuwa huɗu kaɗai." Na biyun kuma a ambaci sunan marigayin da sunan wanda ake son ya gaje shi. Idan gyaran tsarin mulki ne, a kawo tsohon sashe da sabon lafazin da ake so gefe da gefe.

Dalilin wannan tsanani a fili yake. Mamban da bai zo ba ya yanke shawarar zama a gida ne bisa abin da ya karanta. Idan aka yanke hukunci a kan abin da ba a rubuta masa ba, an yi amfani da rashinsa a kansa. Nan ne ƙofar "sauran batutuwa" da ake sawa a ƙarshen ajanda take zama haɗari. An tanade ta don ƙorafi da shawara da sanarwa, irin su lalacewar famfon alwala ko ziyarar wani majinyaci. Duk lokacin da aka ga an shigo da tsige shugaba ko sayar da kadara ta wannan ƙofa, a ƙarshen zama, jama'a sun gaji, rabi sun tafi, to alama ce ta cewa wani yana gudun idon mambobi. Aikin shugaban zama shi ne ya karɓi batun, ya sa a rubuta, ya mayar da shi zuwa taro na gaba ko taron gaggawa mai tasa takardar kira.

Filin da aka yi waƙafinsa yana da ƙarin sharaɗi. Ƙuri'ar mambobi ba ta kawar da hukuncin waƙafi ko sharaɗin wanda ya bayar, don haka kwamiti ya nemi fatawar malamai da shawarar lauya tun kafin batun ya shiga ajanda.

Rahoton kuɗi kuma a haɗa shi da takardar kira, ko a faɗi inda za a same shi da ranar da zai samu. Babu mai iya tantance lissafin shekara guda daga karatun minti goma a lasifika. Ƙungiya mai rajista tana miƙa wa CAC rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba tare da lissafin da aka bincika, saboda haka hikima ce a yi babban taro kafin lokacin, yadda abin da za a kai wa hukuma zai zama wanda mambobi suka gani suka amince.

Cikar adadi

Cikar adadi, abin da lauyoyi ke kira kworam, ita ce mafi ƙarancin mambobi masu damar ƙuri'a da dole su kasance a wurin kafin zama ya iya yanke hukuncin da zai hau kan kowa. Musulmin ƙasar Hausa sun san irin wannan sharaɗi daga sallar Juma'a, inda mazhabar Malikiyya ta shar'anta mutum 12 ban da liman, waɗanda za su kasance tun daga huɗuba har sallama. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya sa kashi ɗaya cikin uku ga Majalisar Dattawa da ta Wakilai. Dokar kamfanoni kuma ta ce, idan kamfani bai tsara nasa ba, kashi ɗaya cikin uku ne ko mutum 25, duk wanda ya fi ƙanƙanta.

A misalinmu kashi ɗaya cikin uku na 150 shi ne 50. Da tsarin mulki ya ce "na dukkan mambobi" ba tare da sharaɗin biyan kuɗi ba, da lissafin ya koma kan 184, kuma sai an samu 62 kafin a tabbata ba a gaza ba, tunda 61 bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Bambancin mutum 12 ne, kuma a kan irinsa ake rigima. Shi ya sa ya kamata a liƙa jerin masu damar ƙuri'a tare da takardar kira, a kuma rubuta adadin ƙarara: zama zai halatta da mambobi 50.

Ranar taro an kira ƙarfe 10:00 na safe. Zauren yana ɗauke da kusan mutum 90, amma cikinsu akwai ɗaliban Islamiyya da baƙin da aka gayyato da maƙwabta. Littafin halarta da ke bakin ƙofa, inda kowa ke sa hannu a gaban sunansa, ya nuna 38. Ba a buɗe zama. Ana iya yin addu'a da nasiha, amma ba a amince da komai. Kafin ƙarfe 11:00 adadin ya kai 53, sakatare ya faɗa da ƙarfi, shugaba ya bayyana cewa zama ya halatta, aka rubuta lambar da lokacin. Wakilci, wato mamba ya aiko wani da takarda ya yi ƙuri'a a madadinsa, ana ƙirga shi ne kawai idan tsarin mulki ya yarda da shi. Uzuri kuwa ba ya shiga lissafi ko kaɗan.

Da adadin bai cika ba, tsarin mulki ne zai faɗi abin yi. Tsarin da dokar kamfanoni ta shimfiɗa, wanda ƙungiyoyi da dama suka ara, shi ne a jira awa ɗaya, idan bai cika ba a ɗage zuwa rana irin ta yau a mako mai zuwa, wuri ɗaya lokaci ɗaya, kuma a zama na biyu waɗanda suka zo sun wadatar. An yi haka ne don kada ƙauracewar wasu ta tsayar da ƙungiya har abada. Iyakarsa ita ce zaman da aka ɗage yana duba tsohuwar ajanda ne kaɗai, ba a ƙara masa sabon batu. Ya kamata wannan tanadi ya fito a cikin takardar kira tun farko, domin mamba ya san cewa rashin zuwansa sau biyu yana miƙa hukunci ga 'yan kaɗan.

Cikar adadi daban, rinjaye daban. Mutum 53 sun halatta zama. Ƙuduri na yau da kullum yana wucewa da ƙuri'a 27 idan kowa ya jefa. Idan tsarin mulki ya nemi kashi biyu cikin uku na mahalarta don sayar da kadara, sai an samu 36. Ma'ana, mutum 36 suna iya sayar da filin da mutum 184 ke da haƙƙi a kansa, kuma ya halatta. Abin da ya sa wannan ya zama adalci shi ne an sanar da sauran a kan lokaci, an kuma gaya musu ainihin abin da za a yi.

Akwai wani gibi da ƙungiyoyin addini suka fi faɗawa ciki. An tashi sallar Azahar, aka dawo, mutum 12 ba su dawo ba. Saura 41, kuma batun fili da na amintacce ba a kai gare su ba. Idan tsarin mulki ya ce adadi ya kasance har ƙarshen zama, kamar yadda dokar kamfanoni ta tanada, to daga nan ba a iya yanke komai, sai a ɗage sauran ajanda. Dokar ta bambanta wanda ya fita da uzuri da wanda ya fice da gangan don ya karya adadi. A hali na biyu zama yana ci gaba. Kariya mafi sauƙi ita ce a sa manyan batutuwa a farkon ajanda, a taƙaita jawaban baƙi, a kuma sake ƙirga mutane kafin kowace ƙuri'a mai nauyi, a rubuta adadin masu goyon baya da masu adawa da waɗanda suka ƙi jefawa.

Bayan taro

Rubutaccen bayanin zama, mai sa hannun shugaba da sakatare, ana ajiye shi tare da kwafin takardar kira da littafin rabawa da littafin halarta. Sauya amintacce bai kammala da ƙuri'ar mambobi ba. Sai an kai ƙudurin ga CAC, an buga sanarwa a jaridu, an bar kwana 28 don masu ƙorafi, sannan hukuma ta amince. Banki ma yana neman kwafin ƙuduri kafin ya sauya masu sa hannu a asusu. A gaban kotu, idan rigima ta kai can, ana iya tambayar takardun nan huɗu. Mamban da ya karɓi takardar kira ya duba abu uku kafin ya ajiye ta: ko kwanakin sun cika, ko an rubuta manyan ƙudurori da lafazinsu, da ko an faɗi adadin da zai halatta zama. Idan ɗaya ya ɓace, ya rubuta wa sakatare kafin ranar taro.